Ƙa'idar sarƙa a fankishin mai hawa uku: inda na tsakiya yake ɓacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan fankishin biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, ƙa'idar sarƙa ba ta ba ni wahala. Amma da zarar sun kai uku sai kaina ya ɗaure. An ba mu y = sin³(x² + 1), na samu 3cos²(x² + 1) · 2x, aka ce ban ci ba. Ni kuwa ina ganin babu wanda na bari: na sauko da 3, na mai da sin ya zama cos, na kawo 2x. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan riƙa bin sawun ukun kada ɗaya ya kuɓuce mini?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga amsar da ake nema tukuna, sai mu bi ta daki-daki:

dy/dx = 3sin²(x² + 1) · cos(x² + 1) · 2x

Ƙirga abubuwan da aka ninka da juna a nan, za ka ga gaɓa uku ne. Taka gaɓa biyu ce. Gaskiya ne ka taɓa kowane hawa, amma hawa biyu na farko ka cusa su wuri guda. A daidai lokacin da kake sauko da 3, sai ka kai hannu ciki ka canza sin zuwa cos. Wannan shi ne abin da ƙa'idar ta hana. Lokacin da kake aiki a kan hawan waje, duk abin da ke cikinsa kwafe shi za ka yi yadda yake, ko wasali ba za ka canza ba. Shi sin zai samu tasa gaɓar daban, a gefe, bayan ka gama da na waje. Wato cos ƙari ne a kan layin, ba ya maye gurbin sin.

Ina ganin rabin laifin na yadda ake rubuta abin ne. Idan an rubuta sin³, ɗan 3 ɗin nan yana zaune a jikin sin kamar tare aka halicce su, sai ido ya ɗauke su abu ɗaya. Alhali ma'anarsa ita ce a nemo sin na abin da ke cikin baka, sannan duk abin da ya fito a ɗaga shi zuwa fawa 3. Saboda haka kafin ka yi komai, sake rubuta shi haka:

y = [sin(x² + 1)]³

Yanzu baka biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma 3 ya koma can waje inda ya dace da shi. Ni duk inda na ga sin² ko cos³ ko tan⁴ a hannun ɗalibi, wannan sake rubutun nake fara nema, domin layi ɗaya ne kawai amma yana kawar da kuskuren da ya fi kowanne yawa.

To yaya za ka gane wanne ne na waje, wanne na tsakiya, wanne na ciki, ba tare da cinta ba? Ɗauki kalkuleta a zuciyarka, ka ce an ba ka x = 1 an ce ka nemo y. Me za ka fara dannawa? Ba za ka iya fara ɗagawa zuwa fawa 3 ba, don ba ka da abin da za ka ɗaga. Ba za ka iya fara danna sin ba, don ba ka san lambar da za ka ba shi ba. Dole ka fara da 1² + 1, ka samu 2. Sannan ka nemo sin na 2 a radiyan, ka samu 0.9093. Daga ƙarshe ka ɗaga wannan zuwa fawa 3, ka samu 0.7518. Abin da ka fara yi shi ne na ciki, abin da ka yi a ƙarshe shi ne na waje, wanda ya rage shi ne na tsakiya. Wannan gwajin ba ya ƙarya, ko da an rubuta fankishin ɗin a hargitse.

Mu ba kowanne suna, domin abin da ba shi da suna shi yake saurin ɓacewa:

u = x² + 1
v = sin u
y = v³

Lura da yadda kowane layi yake magana da harafi ɗaya tak. Na ciki x kawai ya sani. Na tsakiya bai san x ba, u ake miƙa masa. Na waje bai san x ba, bai san u ba, v kawai yake gani. Idan ka fitar da diribatif na kowane layi shi kaɗai, babu mai wuya a cikinsu:

du/dx = 2x
dv/du = cos u
dy/dv = 3v²

Ƙa'idar sarƙa ta ce a ninka su: dy/dx = dy/dv · dv/du · du/dx, wato 3v² · cos u · 2x. Sai ka mayar da kowane harafi ga mai shi. A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. A cikin 3v², me v yake nufi? Layi na biyu ya ce v = sin u. Babu inda aka ce v = cos u. Don haka 3v² zai zama 3sin²(x² + 1), babu wata hanya. Da ka rubuta sunayen nan, kuskurenka ba zai ma samu ƙofar shiga ba. Idan aka tattara lambobin gaba, amsar ta zama 6x sin²(x² + 1) cos(x² + 1), amma ka bar tattarawar sai ƙarshe, bayan ka ƙirga gaɓoɓinka sun cika uku.

Kada ka ɗauka akwai wata sabuwar doka ta musamman don hawa uku. Ita ce dai wadda ka iya, sau biyu aka yi ta. Rufe duk abin da ke cikin babban baka da yatsa, ka kira shi v. Abin da ya rage a fili v³ ne, fankishin biyu ke nan, na waje da abin da ke ƙarƙashin yatsanka, kuma ka san amsar ita ce 3v² sau diribatif na v. Yanzu ɗaga yatsan. Abin da ke ƙasa sin(x² + 1) ne, shi ma fankishin biyu ne, diribatif ɗinsa cos(x² + 1) · 2x. Ka haɗa, ka gama. Da hawa huɗu ne sau uku za ka yi, da biyar ne sau huɗu. A rubutun da ake sa ɗan karan sama, haka abin yake fitowa:

[f(g(h(x)))]′ = f′(g(h(x))) · g′(h(x)) · h′(x)

Wannan layin yana da wani tsari da ya kamata idonka ya saba da shi. A kowace gaɓa ɗan karan sau ɗaya ya fito, kuma a kan harafin farko. Abin da ke cikin baka ba shi da karan ko ɗaya. Sannan kowace gaɓa ta fi wadda ke bin ta tsawo da hawa ɗaya: ta farko tana ɗauke da g da h a cikinta, ta biyu h kawai, ta uku x tsirara. Idan ka dubi amsarka ka ga wannan raguwar ba ta tafiya a jere, ko ka ga diribatif ya shiga cikin baka, to akwai matsala. Abin da ka rubuta, in aka sa shi a wannan sigar, f′(g′(h(x))) · h′(x) ne. Ga karan nan a cikin baka, a kan g, inda ba shi da hurumi.

Yanzu bari mu je ga dalili, don na fi son ka san abin da ya sa ake ninkawa, kuma abin da ya sa dole sin ya zauna a gaɓar farko. Diribatif yana amsa tambaya ɗaya ce: idan na ɗan motsa x kaɗan, sau nawa wannan motsin y zai motsa? To mu motsa shi mu gani da idonmu, gani ya kori ji. Sa kalkuletarka a RAD, wato radiyan, ka ɗauki x daga 1 zuwa 1.001. Motsin x ke nan 0.001.

Na ciki shi ne zai fara jin motsin. A da u = 2 ne, yanzu 1.001² + 1 ya ba da 2.002001. Ya motsa da 0.002001, wato kusan ninki biyu na motsin x. Wannan biyun shi ne 2x a inda x = 1.

Na tsakiya bai ga 0.001 ba ko kaɗan. Abin da ya iso gare shi 0.002001 ne, kuma ya same shi yana tsaye a kan 2. A da v = sin 2 = 0.9092974, yanzu sin 2.002001 = 0.9084629. Ya ragu da 0.0008345. Raba wannan da 0.002001, ka sa alamar debewa tunda raguwa ce, za ka samu kusan −0.417. Danna cos 2 ka gani: −0.4161. Ka lura cos na 2 muka nema, ba cos na 1 ba, domin shi sin a kan u yake tsaye, x bai taɓa zuwa wurinsa ba.

Na waje kuma abin da ya iso masa shi ne ragin 0.0008345, yana tsaye a kan 0.9092974. A da y = 0.7518269, yanzu 0.9084629 a fawa 3 ya ba da 0.7497588. Ya ragu da 0.0020681. Raba da 0.0008345, ka samu kusan 2.478. Gwada 3v² da v = 0.9093: 2.480. Sun yi kusan daidai. Yanzu gwada naka, 3cos²(2): 0.5195. Ko kusa bai zo ba. Dalilin a fili yake. Lambar da ake ɗagawa zuwa fawa 3 ita ce 0.9093, wadda sin ya fitar. Yadda fawa 3 zai faɗaɗa ƙaramin motsi ya dogara ne da girman lambar da ke hannunsa, kuma −0.4161 ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Ita −0.4161 labarin saurin canzawar sin take bayarwa, ba ƙimar sin ba ce.

To haɗa tafiyar gaba ɗaya. Motsin 0.001 ya shiga, na ciki ya ninka shi da 2, na tsakiya ya ninka abin da ya samu da −0.4161, na waje ya ninka abin da ya samu da 2.480. Ninki a kan ninki a kan ninki, shi ya sa ake ninka gaɓoɓin ba a tara su. Lissafin ya ba da 2.480 × (−0.4161) × 2, kusan −2.064. Kai tsaye kuma, y ya ragu da 0.0020681 a kan motsin 0.001, wato −2.068. Ɗan bambancin da ke tsakanin −2.064 da −2.068 ya zo ne daga cewa 0.001 ƙarami ne amma ba sifili ba ne. Idan ka ɗauki 0.0001 za ka ga tazarar ta ƙara matsewa. Amsarka kuwa a x = 1 tana ba da 0.5195 × 2, wato 1.039. Ba girman kawai ya kuskure ba, har alamar. Tana cewa y hawa yake yi, alhali sauka yake.

Wannan gwajin na lamba ɗaya ka riƙe shi da kyau. Minti biyu yake ci, kuma ba ka bukatar kowa ya duba maka. Zaɓi x mai sauƙi, amma ka guji 0, domin a x = 0 gaɓar 2x tana share komai, amsar daidai da ta kuskure duk su ba ka sifili ka ɗauka lafiya lau. Wani abin kiyayewa shi ne kalkuletar. Idan tana kan DEG lambobin ba za su taɓa haɗuwa ba ko da aikinka daidai ne, saboda cewa diribatif na sin shi ne cos gaskiya ce a radiyan kawai. A digiri akwai wani ɓoyayyen hawa, wanda yake mai da digiri radiyan ta hanyar ninkawa da π/180, kuma shi ma sai ya kawo tasa gaɓar.

Akwai ma hanyar da za ka kama kuskuren ba tare da ka taɓa kalkuleta ba, kuma ita ta fi burge ni. Dubi 3cos²(x² + 1) · 2x. Duk abin da aka yi wa sukwaya ba ya sauka ƙasa da sifili, kuma 2x yana sama da sifili muddin x yana sama da sifili. Ke nan amsarka tana cewa daga x = 0 zuwa gaba, y ba zai taɓa sauka ba, hawa kawai zai yi ta yi. Amma y ɗin nan sin ne aka ɗaga zuwa fawa 3, kuma sin kai-komo yake yi tsakanin −1 da 1 har abada. Abin da yake kai-komo dole wani lokaci ya sauka. Saboda haka diribatif ɗinsa dole ya riƙa canza alama, kuma a amsar daidai cos mai fawa ɗaya shi ne yake wannan aikin.

In ka ƙara dubawa, kowace gaɓa tana da wurin da take bayyana a giraf. Gaɓar 2x tana zama sifili a x = 0, inda x² + 1 ya kai ƙarshen saukarsa ya juya, kuma a nan giraf ɗin y ya yi ɗan kwari. Gaɓar cos tana zama sifili a karon farko inda x² + 1 = π/2, wato x kusan 0.756, kuma a nan y ya kai 1, ƙololuwarsa, ya fara gangarowa. Shi ya sa a x = 1 muka same shi yana sauka. Gaɓar sin² tana zama sifili inda x² + 1 = π, wato x kusan 1.463. A nan giraf ɗin ya kwanta na ɗan lokaci a daidai y = 0, amma bai juya ba, ya ci gaba da sauka, domin sin² ya taɓa sifili ne kawai bai canza alama ba. Wanda ya yar da gaɓar sin² ya yar da wannan wurin ɗungurungum, kuma idan tambaya ta gaba ta ce a nemo duk inda giraf ya kwanta, zai rasa shi.

Mu ɗan juya misalin, don ka ga cewa jerin hawan shi ne komai. Ɗauki y = sin((x² + 1)³). Kayan haɗin ba su canza ba: ga sin, ga fawa 3, ga x² + 1. Amma yi gwajin kalkuleta da x = 1. Ka fara samun 2, sannan ka ɗaga shi zuwa fawa 3 ka samu 8, sannan ka danna sin. Yanzu sin ne na waje, fawa 3 ya koma tsakiya. Don haka:

dy/dx = cos((x² + 1)³) · 3(x² + 1)² · 2x

A nan gaɓar farko cos ce, kuma daidai ne, domin sin ne ake fitar wa diribatif a wannan matakin, abin da ke cikinsa kuma an kwafe shi da 3 ɗinsa bai motsa ba. A x = 1 wannan ya ba da cos 8 × 12 × 2, kusan −3.492, wata lamba daban da −2.064 ta ɗazu. Wurin zaman ƙaramin 3 kawai ya raba tambayoyin biyu, shi ya sa nake cewa a karanta baka a hankali kafin a ɗora alƙalami.

Za ka iya tambaya, shi x² + 1 ba hawa biyu ba ne, sukwaya sannan ƙarin 1? In ka so ka raba shi, babu laifi. Diribatif na ƙara 1 shi ne 1, kuma ninkawa da 1 ba ya canza komai. Abin da ake bi shi ne ka daina ɓarewa da zarar ka iso abin da za ka iya fitar wa diribatif kai tsaye. Inda ake faɗawa rami shi ne a tsaya da wuri, musamman idan na ciki ɗan ƙarami ne kamar 4x ko −x. A sin³(4x) mutane da yawa suna kawo gaɓa biyu su manta da 4, a kuma irin su e^(−x) alamar debewar ce take zubewa. Tambayi kanka a ƙarshe: abin da ke can ƙuryar ciki x ne shi kaɗai? In ba shi kaɗai ba ne, da sauran gaɓa.

Haka kuma ba duk inda ka ga abubuwa uku ne ake da hawa uku ba. Idan an ba ka x · sin³(x² + 1), yi gwajin kalkuleta: abin da za ka yi a ƙarshe shi ne ninka x da sauran. Tunda aikin ƙarshe ninkawa ne tsakanin abubuwa biyu da kowanne yake ɗauke da x, ƙa'idar ninki ce take buɗe ƙofa, ita kuma ta sarƙa sai an zo kan sin³(x² + 1) a cikinta. Aikin ƙarshe a kalkuleta shi yake gaya maka dokar farko a takarda.

Game da rubutun dy/dv · dv/du · du/dx, na Leibniz ne, wanda tun a 1676 ya yi amfani da wannan dabarar wajen fitar da diribatif na √(a + bz + cz²). Daɗin rubutun shi ne idan ka jera gaɓoɓin, harafin da ke ƙasan kowace gaɓa shi ne yake saman mai bi mata, dv da dv, du da du. In ka tsallake na tsakiya za ka ga dv a ƙasa, du a sama, ba su haɗu ba, sarƙar ta tsinke a gabanka. Yi amfani da wannan wajen duba aikinka. Sai dai kada ka ɗauke shi hujjar cewa ana soke dv da dv kamar a lissafin kaso. Da ƙananan motsi na gaske, irin 0.002001 da 0.0008345 da muka yi aiki da su, sokewar halal ce muddin babu wanda ya zama sifili a cikinsu. Amma dy/dv ba rabon lambobi biyu ba ne, iyakar da rabon yake dosa ce, kuma cikakkiyar hujjar ƙa'idar sai ta kula da yanayin da motsin wani hawa ya zama sifili.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa a aji ba, kuma a nan gizo yake saƙar idan an wuce matakin farko. Ƙa'idar sarƙa tana da sharaɗi: kowane hawa ya kasance yana da diribatif a daidai lambar da aka miƙa masa. A misalinka ba a jin wannan sharaɗin, domin fawa 3 da sin da x² + 1 duk suna da diribatif a ko'ina. Amma ɗauki wannan:

y = √(ln(x² + 1))

Na ciki u = x² + 1, na tsakiya v = ln u, na waje y = √v. Gaɓoɓin su ne 1/(2√v), da 1/u, da 2x. Idan aka mayar da haruffan:

dy/dx = 1/(2√(ln(x² + 1))) · 1/(x² + 1) · 2x

Gaɓa uku, kowace ta fi mai bi mata tsawo, komai ya zauna. To mene ne diribatif a x = 0? Da yawa za su dubi 2x su ce sifili ne, tunda duk abin da aka ninka da sifili sifili ne. Bi lambar ta cikin hawan ka gani. Na ciki ya karɓi 0 ya fitar da 1, lafiya. Na tsakiya ya karɓi 1 ya fitar da ln 1 = 0, shi ma lafiya, diribatif ɗinsa a nan 1 ne. Na waje ya karɓi 0, kuma √v ba shi da diribatif a v = 0, domin 1/(2√v) zai zama raba 1 da sifili. Gaɓar farko babu ita ke nan, kuma ba a ninka sifili da abin da babu a ce an samu sifili. A wannan wurin ƙa'idar ba ta ce komai ba, sai ka koma ka tambayi fankishin ɗin da kansa.

Sa x = 0.01. Na ciki 1.0001, ln ɗinsa kusan 0.000099995, sukwaya rut ɗin wannan kusan 0.0099997. Wato y kusan daidai yake da x. Sa x = −0.01, amsar ba ta canza ba, 0.0099997, tunda sukwaya ta haɗiye alamar. Ke nan kusa da sifili fankishin ɗin yana tafiya kamar |x|: ta dama yana hawa da karkata kusan 1, ta hagu yana sauka da karkata kusan −1, suka haɗu a tsini. A tsini babu diribatif. Wanda ya ce sifili ne ya ce giraf ɗin ya kwanta a wurin, alhali kusurwa ce mai kaifi.

Kada kuma ka wuce gona da iri ka ce duk inda gaɓa ɗaya ta lalace to babu diribatif. Ɗauki √(x⁴). A x = 0 na waje yana karɓar sifili, gaɓarsa ta lalace kamar ɗazu, amma fankishin ɗin x² ne kawai a ɓoye, kuma diribatif ɗinsa a sifili yana nan, sifili ne. Lalacewar gaɓa tana nufin ƙa'idar ta janye hannunta a wannan wurin, hukuncin kuma sai an bincika ta wata hanya, ko da sauƙaƙa fankishin ɗin ko da gwada lambobi ta dama da ta hagu.

Ga wanda za ka gwada da hannunka yau: y = ln(cos(3x)). Rubuta u da v da y a layi uku kafin komai, fitar da gaɓoɓin, ka tabbata abin da ke ƙarƙashin 1 a gaɓar farko cos(3x) ne yadda yake. Idan ka tattara ya kamata ka samu −3tan(3x). Sannan ka sa x = 0.2 da x = 0.201 a kalkuleta tana kan RAD, ka raba canjin y da 0.001, lambar da za ta fito ta kusanci −2.05. Daga nan ka nemo x na farko sama da sifili inda na tsakiya zai miƙa wa ln abin da ba zai iya karɓa ba.